Ku Rubuta Matsalar Ranar da Kuka Gan Ta

Ƙannena, barkanku da shigowa aikin gwajin manhaja. Roƙona ɗaya ne: in kun ga matsala, ku kai rahotonta a ranar, ko da ba ku gama gano kanta ba.

Lokacin ina sabon shiga, an ba ni gwajin shafin biyan kuɗi. Intanet ta yi nauyi, na danna maballin biya, shiru, na sake dannawa. Sai na ga an cire kuɗin sau biyu. Na ƙara gwadawa, abin ya ƙi maimaituwa. Na ji nauyin tayar wa mutane hankali kan abin da ba zan iya nunawa ba, sai na ja bakina. Da na zo rubutawa daga baya ma, cewa na yi wani lokaci biyan kuɗi yana ɗan ba da matsala. Wanda ya karanta bai ga abin tsoro ba, ya jefa shi cikin ƙananan gyare-gyare, kuma ban ga laifinsa ba.

Ashe maballin ba ya kullewa bayan dannawar farko, sabar kuma, wato kwamfutar da ke karɓar buƙatun biyan, ba ta da hanyar gane cewa buƙata ta biyu maimaicin ta farko ce. Maganin shi ne a ba kowane biya lambarsa ta musamman, in lambar ta sake zuwa sabar ta ƙi cire kuɗi. Wannan gyara sai an taɓa rumbun bayanai. Da a makon farko na faɗa, aikin bai kai ya kawo ba. Amma kafin gaskiya ta fito an riga an ɗora sashen rasit da na lissafi a kan tsohon tsarin, dole aka sake gwada su duka, aka ɗaga ranar sakin manhajar. Har yau abin yana ci mini rai.

Ga yadda ya kamata in rubuta: "Danna maballin biya sau biyu yana cire kuɗi sau biyu. Na ga haka sau ɗaya, lokacin da intanet ta yi nauyi, ban samu ya maimaitu ba tukuna." Sai matakan da na bi ɗaya bayan ɗaya, abin da ya kamata ya faru, abin da ya faru, lambar sigar manhajar, na'urar da na yi amfani da ita, da ainihin lokacin. Lokacin nan kada ku raina shi, da shi mai gyara zai binciko buƙatun biyu a bayanan da sabar ke ajiyewa.

Ku kuma raba abu biyu. Girman ɓarnar, ku ne za ku faɗe shi, ba tare da sassautawa ba: kuɗin mutane ne ke tafiya. Ko a gyara yau ko a jinkirta, wannan hukuncin shugaban aiki ne, amma ba zai yanke shi daidai ba sai ya ji labarin tun da sauran lokaci.