Idan kwanturola ta yi shiru, me suwic ɗinku zai yi?

Ƙannena masu koyon aikin haɗa kwamfutoci, a cikin kowane suwic ko rawuta irin na da akwai ayyuka biyu da ke zaune a akwati ɗaya. Na farko shi ne yanke shawara kan hanyar da kowane fakiti zai bi, na biyu kuma shi ne ɗaukar fakitin daga kafar da ya shigo a fitar da shi ta kafar da aka zaɓa masa. Tsarin da ake kira SDN ya raba waɗannan biyun: sashen yanke shawara ya koma cikin wata manhaja da ke kan saba, wadda ake kira kwanturola, sashen tura bayanai kuma ya zauna a cikin suwic yana bin ƙa'idojin da aka rubuta masa. Ƙa'idar sadarwa ta OpenFlow, wadda ta fito daga Jami'ar Stanford a 2008 kuma aka fitar da sigarta ta 1.0 a ƙarshen 2009, ita ce ta fi shahara wajen haɗa ɓangarorin biyu. Wannan bayanin kowa yana haddace shi, ni ma na haddace. Tambayar da ban yi wa kaina ba sai da na sha wahala ita ce, tun da an ɗauke shawara daga suwic an kai ta wani wuri, me zai faru a lokacin da suwic ya kasa jin muryar mai ba shi shawarar?

An ba ni aikin tsara hanyar sadarwa a wata ƙaramar cibiyar horaswa. Na yi amfani da injina uku masu gudanar da Open vSwitch, manhajar da ke mayar da kwamfuta ta zama suwic, na haɗa su da kebul a zagaye, wato na ɗaya da na biyu, na biyu da na uku, na uku kuma ya dawo ga na ɗaya, domin idan kebul ɗaya ya yanke a samu wata hanyar. Kwamfutocin ɗalibai suna kan adireshin 10.0.1.0/24, na ofishin kuɗi suna kan 10.0.2.0/24, rawuta ɗaya kuma tana kai su duka intanet. Kwanturolar, wadda na rubuta a kan Ryu, wata manhajar gina kwanturola, ita ce ke zaɓar hanya yadda fakiti ba zai riƙa kewaya zagayen ba, kuma ita ce ke sanya wannan ƙa'idar da ta raba ɗalibai da ofishin kuɗi:

```
priority=200,ip,nw_src=10.0.1.0/24,nw_dst=10.0.2.0/24,actions=drop
```

Na gwada komai a Mininet, manhajar da ke kwaikwayon hanyar sadarwa a cikin kwamfuta ɗaya, kafin na kai shi wurin aiki, har da kashe kwanturolar, na ga sadarwa ta tsaya kawai ba tare da wata ɓarna ba, hankalina ya kwanta. Ban san cewa Mininet yana sanya suwic ɗinsa a yanayin `secure` tun daga farko ba, alhali Open vSwitch da aka girka a inji na gaske yana zuwa ne a yanayin `standalone` idan ba a canza masa ba. Ashe abin da na gwada daban ne da abin da na girka.

Bambancin yanayin biyu shi ne zuciyar maganar. Suwic yana lura da layinsa zuwa kwanturola, idan ya yi daƙiƙa 5 bai ji komai ba sai ya aika ɗan saƙon tambaya. A yanayin `standalone`, idan shirun ya kai ninki uku na wannan lokacin, wato kimanin daƙiƙa 15, suwic yana share duk ƙa'idojin da kwanturola ta ba shi, ya koma suwic na gama-gari mai koyon adireshin MAC da kansa. Wata rana wutar lantarki ta ɗauke, injinan suwic suka ci gaba da aiki a kan batir, amma sabar da ke ɗauke da kwanturola ta mutu kafin a tayar da janareta. Da daƙiƙa 15 suka cika, suwic ukun suka koma koyon adireshi da kansu, kuma tun da STP, wadda ke hana fakiti kewaye, a kashe take a Open vSwitch sai an kunna ta, saƙon ARP na farko da wata kwamfuta ta watsa ya shiga zagayen ya riƙa kewayawa babu tsayawa, wasu suna ƙaruwa a kansa. Na tarar da fitilun kafofin suna ƙyaftawa gaba ɗaya da sauri iri ɗaya, injinan sun yi nauyi har umarni ɗaya yana daɗewa kafin ya amsa, kuma a fayil ɗin `ovs-vswitchd.log` akwai layin da ya ƙare da `failing open`. Duk wanda ya ga waɗannan alamun tare, ya fara neman zagaye kafin ya zargi wani abu.

Na zare kebul ɗaya daga zagayen, sadarwa ta dawo nan take, mutane suka ci gaba da aikinsu. A ganina wannan lokacin ya fi na farko haɗari, domin ƙa'idar da ta raba ɗalibai da ofishin kuɗi ta tafi tare da sauran, kowace kwamfutar ɗalibi tana iya kaiwa ga injinan ofishin ta hanyar rawuta, kuma babu wanda zai kawo ƙara tun da komai yana tafiya. Katsewar sadarwa kowa yana ganinta, amma faɗuwar shinge ba ta da alama sai an duba teburin ƙa'idoji. Saboda haka ku saba da waɗannan umarnin, ku fara da su duk lokacin da kuka karɓi wani suwic, ku sa sunan suwic ɗin a madadin `br0`:

```
ovs-vsctl get-fail-mode br0
ovs-vsctl show
ovs-ofctl -O OpenFlow13 dump-flows br0
```

Idan na farko bai nuna komai ba, suwic ɗin yana `standalone`. A na biyu ku nemi `is_connected: true` a ƙarƙashin adireshin kwanturola. Na uku kuma yana nuna ƙa'idojin da ke cikin suwic a wannan lokacin, waɗanda ba lallai su zo daidai da abin da kwanturola take zaton ta sanya ba.

Bayan haka na mayar da suwic ukun zuwa `secure` da umarnin `ovs-vsctl set-fail-mode br0 secure`, na ɗauka magana ta ƙare. A wannan yanayin suwic ba ya share komai kuma ba ya ƙirƙiro komai da kansa, yana riƙe da ƙa'idojin da yake da su har wa'adinsu ya cika. Matsalar tana cikin wa'adin. Na tsara kwanturolar ne ta riƙa jiran fakiti na farko na kowace hulɗa: fakitin ya rasa ƙa'idar da ta dace da shi, ya faɗa kan ƙa'idar ƙarshe mai `priority=0`, a aika shi sama, kwanturola ta duba ta turo sabuwar ƙa'ida. Lambobin wa'adin kuwa na kwafo su ne daga misalin koyo da ke zuwa tare da POX, wata manhajar kwanturola daban, inda `idle_timeout` yake 10, `hard_timeout` kuma 30. Ma'anarsu ita ce ƙa'ida tana mutuwa idan ta yi daƙiƙa 10 babu fakitin da ya bi ta, kuma ko ana binta dole ta mutu bayan daƙiƙa 30. Da kwanturolar ta sake faɗuwa, sababbin hulɗoɗi suka tsaya nan take, tsofaffi suka riƙa yankewa ɗaya bayan ɗaya, kafin rabin minti teburin ya zama babu komai sai ƙa'idar shinge da wadda ke aika fakiti ga kwanturolar da ba ta nan. Shingen bai faɗi ba, amma babu mai iya aiki.

A nan ne na gane cewa raba sassan biyu yana ɗora wa mai tsarawa nauyin zaɓar abin da zai zauna a cikin suwic tun kafin a buƙace shi. Duk abin da aka riga aka sani, kamar shingen da ke tsakanin rukunoni, hanyar zuwa rawuta, hanyar saƙonnin ARP da DHCP, da hanyoyin da ke tsakanin suwic da suwic, ya kamata kwanturola ta rubuta shi da zarar suwic ya haɗu da ita, ba tare da wa'adi ba. Abin da za a bar wa tambaya shi ne wanda ba a iya saninsa tukuna, kamar sabuwar kwamfutar da aka jona yau. Don yankewar kebul ma ba sai an jira kwanturola ba, domin tun daga sigar 1.1 OpenFlow yana da rukunin ƙa'ida mai suna `fast failover`, wanda ake jera masa kafofi bi da bi, suwic ya bi ta farko muddin tana raye, idan ta mutu ya koma ta gaba da kansa. Har kamfanin Google, a bayanin da ya wallafa a 2013 kan B4, hanyar sadarwar da ke haɗa cibiyoyin bayanansa, ya nuna cewa ya bar tsarin zaɓar hanya na gargajiya yana aiki a ƙasa, domin a koma masa idan tsarin tsakiya mai rarraba zirga-zirga ya samu matsala. Shingen tsaro kuwa yana da kyau a ninka shi da lambobin VLAN a kan kafofi, tun da Open vSwitch yana mutunta su ko da ya koma koyon adireshi da kansa, sai dai VLAN kaɗai ba ya tare fakitin da ya bi ta rawuta.

Kuskure na uku yana ɓoye ne a cikin na farko, ban lura da shi ba sai daga baya. A ranar da fakiti suka cika zagayen, sabar ta tashi bayan an kunna janareta, kwanturola tana sauraro a tashar TCP mai lamba 6653, amma suwic ukun sun kasa riƙe haɗi da ita har sai da na zare kebul. Dalilin shi ne saƙonnin kwanturola suna bin kebul ɗaya da na masu amfani, wanda ya riga ya toshe. Ya zama kamar motar kwana-kwana da dole sai ta ratsa cikin gobarar kafin ta kai ga ruwa. Maganin bai da tsada: katin sadarwa na biyu a kowane inji, ƙaramin suwic na gama-gari wanda ba ya dogara da kwanturola, adireshi na daban, sannan a sanar da Open vSwitch da `ovs-vsctl set controller br0 connection-mode=out-of-band`. Wannan ƙaramin suwic ɗin da sabar kwanturola su ma a ɗora su a kan batir, tun da su ne suka fi kowa buƙatarsa.

Ana iya ba suwic adireshin kwanturola fiye da ɗaya, kuma yana da amfani, sai dai ku sani cewa manyan kwanturololi irin ONOS da OpenDaylight suna daidaita bayanansu ne da rinjayen mafi yawa, don haka uku ake girkawa. Idan biyu ne kuma ɗaya ta faɗi, wadda ta rage ba ta da rinjaye.

Kafin ku miƙa kowane aiki irin wannan, ku yi gwajin a kan injinan da za a yi amfani da su, kuna da `ping` biyu suna gudana, ɗaya a hanyar da aka halatta, ɗaya kuma daga ɗalibai zuwa ofishin kuɗi wanda dole ya kasa. Ku kashe kwanturolar, ku jira lokacin da ya wuce wa'adi mafi tsawo a cikin ƙa'idojinku kuma ya wuce daƙiƙa 15, ku fara wata sabuwar hulɗa, ku zare kebul ɗaya, sannan ku duba teburin ƙa'idoji. Daga nan ku kunna ta, ku sake duba teburin, domin wasu manhajojin suna share shi gaba ɗaya a lokacin da suka sake haɗuwa da suwic, abin da kan jawo wata katsewar ta biyu bayan an zaci an gama gyara.