Sandar awon tanki kwance

Shagon walda nake da shi a Birnin Kebbi, ni da yarana. Muna yin ƙofofi da tagogi, amma abin da ya fi kawo mana ciniki shi ne tankunan gas na masu injin casar shinkafa. Mafi yawansu tanki kwance suke so, kuma ba ma sallamar tanki sai da sandar awonsa, wadda ake zurawa ta sama a ga lita nawa ta rage.

A tanki tsaye, rabon sandar ba wuya, domin yawan litar da kowace santimita take ɗauka daidai yake da na 'yar'uwarta. A kwance abin ya sha bamban. Dubi bakin tankin, da'ira ce. Saman man ya yanke ta da miƙaƙƙen layi, man yana kwance tsakanin layin nan da lanƙwasar ƙasa, kamar tsirkiya da baka. Girman wannan yanki muke nema, mu ninka shi da tsawon tanki.

Wani Alhaji daga wajen Argungu muka yi wa tanki mai faɗin mita 2 daga ciki, tsawo mita 3, yana cin lita 9,425. Ya zura kara, ya ga jiƙa ta kai santimita 50, ya ce tunda rubu'in faɗin ke nan, yana da rubu'in mai, lita 2,356. Na ce, "Ranka ya daɗe, bai kai haka ba, gindin tankin a tsuke yake." Ya ce in nuna masa, sai na ɗauki alli na zana a ƙasa.

Daga tsakiyar da'ira na ja layi biyu zuwa inda saman man ya taɓa bango hagu da dama, kowanne mita 1, wato rabin faɗi. Tsakiyar tana sama da man da rabin mita. Idan aka raba wannan tazara da rabin faɗi za a samu 0.5, a danna cos⁻¹ a kalkuleta ta ba da digiri 60. Wannan rabin kusurwa ce, cikakkiyar 120. Tunda da'ira digiri 360 ce, layukan biyu sun ɗebi kashi ɗaya cikin uku nata, murabba'in mita 1.047.

Sai dai ba duka wannan ne mai ba. Tsakanin tsakiyar da'ira da saman man akwai alwatika wadda iska ce kawai a cikinta. Gindinta shi ne faɗin saman man, mita 1.732, tsayinta rabin mita, girmanta 0.433. A cire ta, saura 0.614. A ninka da tsawon mita 3, a mai da shi lita, an samu kusan 1,843. Ke nan lissafin Alhaji ya zarce gaskiya da lita sama da 500, kuma irin wannan giɓi ne ke sa maigida ya zargi mai gadi da satar da bai yi ba.

Ga shi a dunƙule, A girman yankin da mai yake, r rabin faɗi, θ cikakkiyar kusurwa da digiri:

```
A = (θ/360) × π × r² − ½ × r² × sin θ
```

In mai ya wuce rabi, ni fankon da ke sama nake lissafawa in cire daga cikin tankin gaba ɗaya. A zurfin santimita 150, 9,425 a cire 1,843, saura 7,582. Shi ya sa zanen lita a sanda mai kyau yake matsewa a tsakiya, ya buɗe a ƙasa da sama: a tankin nan, santimita ɗaya a tsakiya lita 60 ce, amma a zurfin santimita 10 kusan 26 kawai. Duk sandar tanki kwance da ka ga an raba ta daidai wa daida, kada ka sayi mai da ita.

Yarana na hana su taɓa lissafi sai sun duba kalkuleta tana kan DEG, wato awon kusurwa da digiri, domin a kan RAD kusurwar 60 sai ta fito 1.047, komai ya watse. Gwajin mai sauƙi ne, a sa θ a 180, a ninka A da tsawo, a mai da shi lita, dole amsa ta zama rabin tanki, lita 4,712. Faɗi kuma na ciki ake aunawa, ban da kaurin ƙarfe.

Abin da lissafi ba ya gyarawa shi ne zaman tanki. In dakalin ya karkata, mai ya taru a gefe ɗaya, sandar da ke kusa da ƙarshen tanki ƙarya za ta yi. Don haka muke huda ramin awo a tsakiyar tsawonsa, mu daidaita dakalin da tiyo mai ruwa kafin a ɗora. Tankin da murafensa suka kumbura waje kuwa, wannan lissafin bai ɗauki man da ke cikin kumburin ba. Irinsa sai mu riƙa zuba ruwa lita ɗari biyu-biyu da ma'auni, muna yi wa sandar zane a kowane zubi.