Sanarwa ga ma'aikata kan ɗaukar hoton rasit

Abokan aiki, barkanku da ƙoƙari. Abin da ya sa masu hulɗa da mu suka amince da lissafinmu shi ne duk adadin da muka shigar a littafi akwai rasit mai karantuwa a bayansa, kuma da hannunku wannan aikin yake farawa.

Rasit ɗin da ya fi ba mu wahala shi ne siririn nan mai santsi da injin kanti ko na'urar biyan kuɗi da kati ke fitarwa. Babu tawada a jikinsa, zafi ne ke fito da rubutun, shi ya sa rana da maiƙo da gumin aljihu suke cinye shi. Wasu 'yan kasuwa kuma takarda mai arha suke saye, tun daga injin rubutun yake fitowa a koɗe. Don haka ranar da aka karɓa, ranar za a ɗauki hoton. Kada a manna masa salatif, gam ɗin yana goge rubutun da ke ƙarƙashinsa. Kada kuma a sa masa dutsen guga don ya miƙe, baƙi ƙirin zai koma.

A shimfiɗa shi a kan tebur mai duhun launi, a lallaɓa lanƙwasar da yatsa, a goge gilashin kyamara. Wayar ta tsaya daidai samansa, tazarar kamar santimita 25 zuwa 30, ba a karkace ba. A kashe fitilar kyamara, domin takardar tana ƙyalli, sai farin tabo ya rufe lambobi. Hasken taga daga gefe ya fi, inuwar hannu ba ta faɗowa a kai. A taɓa rubutun a fuskar waya har ya fito tar, kusurwoyi huɗun duk suna ciki, sannan a danna.

Doguwar takarda, a ce mai santimita 60, idan aka cusa ta a hoto ɗaya haruffan sai su zama kamar ƙwayar yashi. A ɗauke ta kashi 3 daga sama zuwa ƙasa, kowane hoto ya maimaita layi 2 na ƙarshen wanda ya gabace shi, don mu tabbata babu abin da ya faɗi a tsakani.

Kafin a tura, a faɗaɗa hoton da yatsu a karanta sunan mai sayarwa da kwanan wata da lambar rasit da jimla. A hoto mai dishi-dishi 3 tana rikiɗa ta zama 8. Watan da aka buga 03 sai a karanta shi 08, kuɗin da aka kashe a Maris ya faɗa Agusta, lissafin wata biyu ya lalace. Idan kun yi shakkar lamba guda, ku sake ɗauka.

Mai turawa ta WhatsApp ya zaɓi Document, saboda turawa a matsayin hoto tana matse shi, ƙananan lambobi su dusashe. Takardar na'urar kati jimla kawai take nunawa, a haɗo ta da rasit mai jerin kaya. Asalin takardar a ajiye shi a ambulan, nesa da rana, har ofis ya tabbatar muku an shigar.