Inda na kai a rubutun hotunan rakiya na shirin sa wa masara taki

'Yan uwa masu koyo, a wannan makon aikina ya tsaya kan sashen sa takin zamani, cikin ɗan shirin noman masara da nake ɗauka a wata gona kusa da Samaru. Na raba takardar gida biyu: maganar mai bayani a hagu, hoton da zai raka ta a dama, kuma ba na barin wata jimla ta wuce ba tare da na rubuta abin da ido zai gani a gabanta ba.

Ga jimlar da ta fi cin lokacina: “Bayan mako biyu da shuka, a tona ɗan rami kimanin santimita 5 daga gindin masara, a zuba taki cikin murfin kwalba ɗaya, sannan a rufe da ƙasa.” Da na karanta ta a natse ina duba agogo, ta ɗauki daƙiƙa 12, kuma aiki uku ne a cikinta, don haka na ba ta hotuna uku na daƙiƙa huɗu-huɗu. Rubuta “manomi yana sa taki” kawai ba ya wadatar da mai kyamara, domin yana iya dawowa da hoton mutum daga nesa yana watsa taki da hannu, wato ainihin abin da bayanin yake hanawa. Sai na rubuta cewa a sauke kyamara dab da ƙasa, a ga tsinken icce yana huda gefen kunya, gindin masarar kuma ya fito a hoto guda, don tazarar ta fito fili. A matso kan murfin har ƙwayoyin takin su bayyana. Daga ƙarshe a ga ƙafa tana tura ƙasa tana dannewa. Kowanne a ɗauke shi aƙalla daƙiƙa 10, saboda wurin yankawa lokacin tacewa.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne shekarun shukar, in ana iya cewa haka. Masarar mako biyu ba ta wuce 'yan ganyaye ba, alhali wadda ake sa wa yuriya a mako na biyar ko na shida ta kai gwiwa ko ta wuce. Idan baki yana maganar takin farko, hoto kuma yana nuna doguwar masara, ko fararen ƙwayoyin yuriya a maimakon NPK, manomin Giwa ko Soba zai gane nan take, kuma daga nan ba zai ƙara amincewa da sauran bayanin ba. Saboda haka na ƙara layi na uku a takardar, mai nuna makon da za a ɗauki kowane hoto, tunda wanda ya kuɓuce sai wata damina.

Gwajin da nake yi yanzu shi ne in kashe sauti, in nuna wa wani malamin gona hotunan, in ce masa: “Malam, me ka ga ana koyarwa a nan?” Ya faɗi tona rami da awon murfi daidai, amma rufewar ta wuce masa da sauri, don haka zan ƙara mata daƙiƙa biyu, in sa mai bayani ya ɗan dakata bayan kalmar “ƙasa”.