Canjin da ya kayar da ni a intabiyu

Daren Asabar ɗan yayata ya ce in gwada shi, don yana da intabiyun aikin rubuta manhaja ranar Talata. Na ba shi tambaya, na zauna. Yaron nan ya sunkuyar da kai, sai ƙarar madannai kake ji, minti goma bai ce uffan ba. Gabana ya faɗi, don kamar ni ne nake kallon kaina.

Tambayar da na ba shi ita ce wadda ta kayar da ni. An ba ka nau'o'in kuɗi da wani adadi, ka nemo mafi ƙarancin ƙwayoyin da za su haɗa adadin. Ni da na taso ina ba da canji a shagon babanmu, har murmushi na yi. Canjin naira 380? Ɗari biyu, ɗari, hamsin, ashirin, goma. Ka ɗauki babba tukuna, ka gangaro. Dabarar haɗama ke nan. Ban faɗa wa mai tambayar ba, na dai hau rubutu, kusan minti ashirin cikin arba'in da biyar ɗin da aka ba ni.

Da na gama, sai ya ce, cikin ladabi, in gwada da 1, 3, 4, adadin kuma 6. Nawa ya ɗauki 4, sannan 1, sannan 1: ƙwaya uku. Alhali 3 da 3, ƙwaya biyu, sun wadatar.

A yi mini adalci, ba wauta zalla ba ce. A takardun naira dabarar tana aiki, saboda yadda aka jera ƙimarsu, kuma misalin da ke cikin tambayar ma ya fito daidai. Bai ce kuɗin za su zo a karkace ba. To, amma ai ban tambaya ba. Da na buɗe baki tun minti na biyu na ce “zan fara da mafi girma”, da ya jefo mini 1, 3, 4 a lokacin, ina da sauran minti arba'in. Ba ya ganin cikin kaina, sai abin da na furta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da ya biyo baya. Na ƙi sakin kod ɗin, don na sha wahalarsa. Na fara liƙa masa faci: in haɗama ta ba da uku, a tsallake babbar a sake gwadawa. Ya ce, “Me kake tunani yanzu?” Na ce, “Ina zuwa.” Igiya mutumin ya miƙo mini, na ture.

Ga abin da ya kamata in faɗa: “Hanyata ta karye a 6, don ɗaukar 4 ta rufe mini ƙofar 3 da 3. Ke nan sai na gwada kowace ƙwaya a matsayin ta ƙarshe.” Daga nan sauran na zuwa da kansa. In ta ƙarshe 1 ce, saura 5. In 3 ce, saura 3. In 4 ce, saura 2. Ka warware ƙananan tun daga sifili, kana ajiye amsoshinsu: 0, 1, 2, 1, 1, 2. Na 6 shi ne mafi ƙanƙanta tsakanin amsar 5, da ta 3, da ta 2, a ƙara ɗaya. Biyu.

```python
dp = [0] + [float("inf")] * n
for i in range(1, n + 1):
    for c in coins:
        if c <= i:
            dp[i] = min(dp[i], dp[i - c] + 1)
```

Layi biyar. A banɗaki ya zo mini, bayan an kashe kiran.

Na so in jero muku shawarwari goma, amma biyu ne da ni. Kafin ka taɓa madannai, faɗi dabararka, ka nemi ƙaramin misalin da zai karya ta da hannunka. In ta karye, faɗi inda ta karye da dalili, ka goge. Kada ka yi shiru. Ko da yake, surutu ma cuta ne. Na ga masu karanto kowane layi kamar mai sanarwa a rediyo. In kana bukatar shiru, nemi minti ɗaya, ka yi abinka, ka dawo da magana.

Ku kuma yaran yanzu kun haddace amsoshi ɗari uku, a canza lamba ɗaya ku daskare. Da na rubuta wa ɗan yayata 1, 3, 4, sai ya ce, “Kawu, ai ba a yin kuɗin naira uku.” Na ce ya goge, mu sake, wannan karon da baki.