Sifiri ɗaya da ya ɓace tsakanin hotuna biyu

Shagon buga takardu ne a Samaru, nake kula masa da kwamfutoci da rauta. Firintar shagon tana kan adireshi tsayayye, 192.168.1.50, da hannuna na sa mata. Kwatsam sai ta fara ɓacewa daga kwamfutoci, musamman da yamma, lokacin da ɗalibai suka cika shagon da aikin furojet. Yaron shago ya amsa cewa ya taɓa saitin rauta don wai mutane na ƙorafin waya ba ta hawa, amma ya ce bai tuna abin da ya canza ba.

Na yi sa'a ina da hoton allo na shafin DHCP Settings, inda ake saita yadda rauta ke raba wa na'urori adireshi, tun ranar da na saita rautar. Na ce ya ɗauko mini sabo ya turo. Na ajiye su gefe da gefe, na duba, na rubuta wa mai shago: "Alhaji, abu biyu aka canza." Lease Time, tsawon lokacin da na'ura ke riƙe adireshin da aka ba ta, ya tashi daga minti 120 zuwa 1440, wato daga awa 2 zuwa kwana guda. Primary DNS kuma ya koma 8.8.8.8. Na ce masa babu wanda ya shafi firinta a ciki, matsalar tana wani wuri. A kan wannan maganar tawa aka sayi sabon kebul, aka ɗora firinta a keke aka kai ta wurin mai gyara a Sabon Gari, ya ce lafiyarta ƙalau, aka dawo da ita. Kwana uku ana haka.

Ashe abu uku aka canza. Start IP Address, wato adireshin da rauta ke fara rabo daga kansa, a tsohon hoto 192.168.1.100 ne, a sabo 192.168.1.10. Sifiri ɗaya kawai. Har yau idan na tuna sai raina ya sosu, don na kalli layin nan ya fi sau biyar, idona yana ganin 192.168.1.1 sai ya cika sauran da kansa ya wuce.

Wannan sifirin kuwa shi ne komai. Da can rauta tana raba wa wayoyi adireshi daga 100 zuwa 199, ba ruwanta da 50. Yanzu ta fara daga 10, kenan 50 ya faɗa cikin abin rabo. Canjin Lease Time da na raina shi ya ƙara wa wutar fetur: duk wayar da ta hau da safe tana riƙe da adireshinta har washegari ko da mai ita ya tafi, don haka kafin la'asar rabon ya kai kusa da 50. Ana ɗauke wuta, firinta ta mutu, rauta kuwa tana kan ƙaramin batirinta, sai ta miƙa wa wayar wani 50 ɗin. Kafin a tayar da janareta adireshi ya zama na mutum biyu. Na tabbatar da haka ne da na kashe firinta na buga `ping 192.168.1.50` don in ga ko akwai na'ura a kan adireshin, sai ga amsa tana dawowa daga na'urar da ba firinta ba.

Da na zauna na binciki yadda na yi wannan kuskure, laifin farko na hotunan ne, ko in ce nawa da na karɓe su a haka. Tsohon daga kwamfuta na ɗauka, mai faɗi. Sabon daga waya aka ɗauka, layukan sun sauka ƙarƙashin juna, kuma ya biyo ta WhatsApp a matsayin hoto, an matse shi, lambobin sun yi dishi-dishi. Hotuna biyu irin waɗannan ba su kwatantuwa. Yanzu sai na ɗauki na biyu a kan na'urar da aka ɗauki na farko, burauza ɗaya, girman taga ɗaya, in danna Ctrl+0 don girman rubutu ya koma daidai. In dole sai an turo, in ce a turo shi ta Document, nan ba a matse shi.

In hotunan suka zo daidai, ba na ajiye su gefe da gefe kuma. Buɗe su nake yi ɗaya a kan ɗaya, cike da allo, in riƙa sauyawa tsakaninsu da sauri. Duk abin da bai canza ba zai tsaya cak, wanda ya canza zai riƙa motsi kamar yana ƙyafta ido. Da na gwada haka da hoton da na sake ɗauka a kwamfuta, sifirin nan ya yi tsalle tun sauyawar farko. Abin da ya ci kwana uku.

Mai manhajar sarrafa hotuna ta ImageMagick a kwamfutarsa yana iya barin na'ura ta yi aikin:

```
magick compare -fuzz 10% tsoho.png sabo.png bambanci.png
```

Zai fitar da hoto na uku, duk inda aka sami bambanci an shafe shi da ja. Wancan `-fuzz 10%` shi ke hana shi ƙirga ƙananan sauye-sauyen launi da matsa hoto ke jawowa. Amma in shafin ya ɗan gusa ko da ɗigo ɗaya ne, kusan duk rubutun zai yi ja, sai ka sake ɗauka. Kuma ja yana nuna maka wurin ne kawai, ba ya gaya maka me aka canza. Agogon kwamfuta, yawan caji, adadin wayoyin da ke kan rauta, duk za su yi ja alhali ba saiti ba ne. Ka ware su gefe, kada su cika maka lissafi.

Laifi na biyu, wanda ya fi ciwo, shi ne yadda na rubuta lissafin. Abin da na gani ya canza kawai na rubuta, da na sami biyu sai zuciyata ta ce shi ke nan. Yanzu sai na fara ƙirga gurabe nawa ne a shafin. Wannan yana da bakwai, to layi bakwai zan rubuta, kowanne da sunansa yadda yake a allo, tsohon abin da ke ciki, da sabon, har wanda bai canza ba in rubuta masa "ba canji". Lambobi kuma ba na karanta su a dunƙule. Gaɓa-gaɓa nake bi tsakanin ɗigo da ɗigo, in fara daga ta ƙarshe, don a irin wannan shafin nan ne canji ya fi ɓuya. Da na kwafi 100 da hannuna na zo kwafar 10 a kusa da shi, ai da ban wuce ba.

Akwai kuma abin da hoto ba zai taɓa nuna maka ba, gara ka faɗa wa wanda kake ba rahoto tun farko. Kalmar sirri ɗigo-ɗigo take fitowa, ko an canza ta haka za ka gan ta. Abin da ke ƙasan shafi, in ba a gangara an ɗauka ba, babu shi a lissafinka. Sannan hoton da aka ɗauka kafin a danna Save, abin da aka rubuta yake nunawa, ba abin da rauta ke aiki da shi ba, shi ya sa nake danna F5 shafin ya sake buɗewa kafin in ɗauka.

Na mayar da Start IP Address zuwa 192.168.1.100, Lease Time zuwa 120, na kashe rauta na kunna don wayoyi su karɓi sabon adireshi. DNS na bar shi a 8.8.8.8, ba shi da laifi. Kuɗin kebul da na keke kuwa, Alhaji bai ce komai ba, ni ne na cire su daga kuɗin aikina.