Na'urar da na ce za ta yi wata takwas, ta mutu a kwana takwas

A aikina na shekarar ƙarshe na haɗa 'yar na'ura mai auna danshin ƙasa a lambun albasa. Allon ESP32, wata 'yar kwamfuta mai wayifai, na sa mata, da batir 18650 mai 2500 mAh. Duk minti 15 sai ta farka ta auna, ta tura ta wayifai, ta koma barci.

Lissafina a takarda ya yi kyau. A farke tana jan kusan 120 mA na daƙiƙa 3, a barci kuma 0.01 mA, kamar yadda takardar bayanin ESP32 ta faɗa. Minti 15 daƙiƙa 900 ne:

```
(120 x 3) / 900 + 0.01 = 0.41 mA
2500 / 0.41 = 6097 h
```

Kwana 254 ke nan, wata takwas da ɗoriya. Har na faɗa wa malamina da ƙwarin gwiwa. Ya ce, "Ka auna ne, ko karantawa ka yi?" A rana ta takwas saƙo ya ɗauke.

Da na sa mita tsakanin batir da allon, sai ga 10 mA alhali wai tana barci. Ashe ESP32 ɗin kaɗai ke barci, maƙwabtansa idonsu biyu. Mai daidaita wutar allon, AMS1117, shi kaɗai yana shan kusan 5 mA ko ba ya aikin komai. Sauran sun tafi ga ɗan jan ƙwan lantarkin allon mai ci dare da rana, da ma'aunin danshin da na jona kai tsaye. A raba 2500 da 10.4, wato cin barci da na farke a haɗe, awa 240 ne, kwana goma. Kwana biyun da suka ɓace kuwa, AMS1117 yana rage kusan bolt ɗaya, don haka na'urar ta tsaya da sauran caji a batir.

Awon ma sai da ya ba ni wahala. In mita tana kan ma'aunin µA, na'urar ba ta samun isasshiyar wuta ta tashi, sai ta yi ta sake kunna kanta. Dabarar ita ce a haɗa bakunan mitar da guntun waya har ta yi barci, sannan a zare a karanta.

Na cire ƙwan, na sa MCP1700 a madadin AMS1117, wanda cinsa bai kai 0.002 mA ba, da babbar kafasita a gefensa saboda fizgar wayifai. Ma'aunin danshin kuma sai an farka ake ba shi wuta. Barci ya sauko 0.03 mA.

Yanzu farkawa ce mai cin batir. Ranar da sigina ya yi rauni, daƙiƙa 3 kan koma 10, ci ya ninka uku. Shi ya sa na sa mata iyaka: in ba ta haɗu a daƙiƙa 6 ba, ta ajiye awon ta kwanta. Batirin ma 2000 mAh nake lissafa shi, saboda zafin Afrilu da tsufa. A rahotona wata shida na rubuta.